Tsara Bayanin Kai na Neman Gurbin Karatun Likita a Birtaniya Idan Babu Likita a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina shekarar ƙarshe ta A-level, kuma ina son neman gurbin karatun likita a Birtaniya. Mahaifina ɗan kasuwa ne, mahaifiyata ɗinki take yi, a danginmu kaf babu likitan da zan tambaya. Abin da nake da shi kawai shi ne jinyar kakata mai ciwon sukari, da makonni uku da na yi ina taimakawa a wani ƙaramin asibiti na unguwarmu. Yaya zan tsara bayanin kaina, kuma shin ya dace in faɗi cewa ni ce ta farko a gidanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu ɗan likita yake samu a gida idan ya zo wannan mataki. Na farko shi ne hanyar shiga asibiti ya ga aiki da idonsa, wanda ke ma kin riga kin samu daidai gwargwado. Na biyu, wanda ya fi tasiri kuma ba a cika lura da shi ba, shi ne wani ya gaya masa tun da wuri cewa mai karanta takardar ba tarihin rayuwarsa yake nema ba, hujja yake nema cewa wannan yaro ya ga aikin likita yadda yake, ya yi tunani a kan abin da ya gani, sannan har yanzu yana so. Wannan na biyun abu ne da ake koya, kuma shi zan yi ƙoƙarin nuna miki da kayan da ke hannunki.

Mu fara da girman filin da aka ba ki, domin shi ne ke yanke yawancin shawarwarin da za su biyo baya. Ana neman jami'o'in Birtaniya ta hukumar UCAS, kuma abin da fom ɗinta ya kira personal statement ya sauya fasali ga masu shiga jami'a daga shekarar 2026. A da dogon rubutu ɗaya ake yi, yanzu kuwa tambayoyi uku ne, kowace da akwatinta. Ta farko tana tambayar dalilin da ya sa kike son karanta wannan fanni. Ta biyu tana tambayar yadda karatunki da darussanki suka shirya ki. Ta uku tana tambayar abin da kika yi a wajen aji domin shiri, da amfanin da ya yi miki. Jimillar amsoshin uku ba za ta wuce haruffa 4,000 ba, har da sararin da ke tsakanin kalmomi, kuma kowace amsa sai ta kai aƙalla haruffa 350. A Turanci wannan kusan kalmomi 600 zuwa 650 ne, wato shafi ɗaya da ɗan ɗori. Idan wani ya miƙo miki samfurin tsohon tsari, ko na Amurka inda ake ba da haruffa 5,300 kuma ake son dogon labari, ki san cewa ba da ma'auninki aka ɗinka shi ba. Ga mai karatu da ke neman jami'ar gida Nijeriya kuwa, makin JAMB da jarrabawar tantancewa ta jami'a su ne abin dubawa, ba a saba neman irin wannan takarda ba.

Akwai ƙa'idoji biyu na fom ɗin da suke shafar rubutun kai tsaye. Kina da zaɓi biyar, amma huɗu kacal za ki iya bai wa karatun likita, kuma takarda ɗaya ce take tafiya ga dukansu. Saboda haka kada ki ambaci sunan wata jami'a ko ki yabi tsarin koyarwarta, domin sauran za su karanta yabon kishiyarsu. Sannan jami'o'i sun bambanta wajen yadda suke amfani da takardar. Da yawa daga cikinsu suna zaɓen waɗanda za su kira ganawa ne da makin UCAT, wato jarrabawar tantance masu neman karatun likita, da sakamakon makaranta, ba tare da sun bai wa takardar maki ba, wasu suna karanta ta domin tantancewa, wasu kuma suna ajiye ta a gaban mai ganawa. Ki shiga shafin kowace daga cikin huɗun ki karanta abin da ta ce da bakinta a wannan shekarar. Amma ko wane tsari suke bi, ki rubuta kowace jimla da zaton cewa wata rana wani zai ɗora yatsa a kanta ya ce, "Ba ni labarin wannan." Jimlar da ba za ki iya yin minti biyu kina bayaninta ba tare da kame-kame ba, ba ta da wurin zama.

Game da rabon haruffa, shawarata ga mai irin kayanki ita ce kusan 1,100 ga tambaya ta farko, 1,000 ga ta biyu, 1,900 ga ta uku. Wannan ba dokar UCAS ba ce, ra'ayina ne, kuma dalilinsa shi ne makinki na makaranta yana wani sashe na fom ɗin, malaminki ma zai yi magana a kansa, alhali abin da kika gani a asibiti babu wanda zai faɗa sai ke. Cikin haruffa 4,000 ba za ki iya ɗaukar fiye da al'amura huɗu ko biyar ba idan kina son kowanne ya yi nauyi. Kuskuren da na fi gani a wurin waɗanda ba su da mai ba su shawara shi ne su jera abu goma sha biyu, kowanne da layi ɗaya, saboda tsoron kada a ce ba su yi komai ba. Mai karatu yakan gama irin wannan takarda bai riƙe ko ɗaya ba.

Kowane al'amari da kika zaɓa, ki gina shi da tubali huɗu a jere: abin da ya faru, abin da ke kanki kika yi ko kika lura da shi, abin da kika fahimta game da aikin likita, da abin da wannan fahimta ta sa kika yi daga baya. Na farko ya zama gajere ƙwarai, na uku shi ne ya fi cin wuri, na huɗu kuma shi ne shaidar cewa na ukun ba daɗin baki ba ne. Majalisar makarantun likitanci ta Birtaniya ta daɗe tana bayyana cewa abin da mai nema ya koya daga gogewarsa ya fi inda ya same ta muhimmanci, kuma aikin kula da mutane, na sa-kai ne ko na biya, yana da daraja. Wannan ne ya sa jinyar kakarki take iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da makon da wani ya yi yana bin kawunsa a ɗakin tiyata.

Bari mu gwada da tambaya ta farko. Ban san dalla-dallar jinyar kakarki ba, don haka zan ƙirƙiri misali mai kama da abin da ke faruwa a gidaje da yawa, ke kuma ki cire nawa ki sa gaskiyarki. Zan rubuta da Hausa domin a ga ginin, ko da yake da Turanci za ki rubuta. Rubutun farko na yawancin ɗalibai yakan zo kamar haka: "Tun ina ƙarama nake da burin zama likita domin in taimaki al'umma. Rashin lafiyar kakata ya taɓa zuciyata ƙwarai, ya kuma nuna mini muhimmancin likitoci." Babu ƙarya a ciki, amma ki rufe sunanki ki tambayi kanki ko ɗalibai dubu nawa ne za su iya sa hannu a ƙarƙashinsa. Ba a ga kakar ba, ba a gan ki ba, ba a ga likitan ba, kuma malamin makaranta da mai aikin agaji su ma al'umma suke taimaka wa.

Yanzu ga wannan: "Wata rana da la'asar a cikin azumi kakata ta fara gumi da rawar jiki, maganarta ta rikice. Na gwada sukarinta na ga 56, na ba ta ruwan sukari duk da tana ƙi saboda kada azuminta ya karye. Washegari likita bai fara da sauya magani ba, sai da ya tambaye ta abin da take ci da sahur, da lokacin da take yin allura, da abin da azumin yake nufi a wurinta, sannan suka yi shawara tare. Na fahimci cewa ilimin sanin adadin insulin rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne samo tsarin da marar lafiya za ta yarda ta bi idan ta koma gida. Daga nan na fara rubuta awon sukarinta safe da yamma a littafi, muna kai masa duk zuwa." Ki lura da abin da ya sauya. Lamba ta shigo, kuma duk likitan da ya karanta ya san cewa abin da ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL faɗuwar sukari ce, don haka ya san kin fahimci haɗarin ba sai kin ce "na tsorata matuƙa" ba. Ke kin yi wani abu da hannunki. Sannan kyamarar ta bar kakar ta koma kan likitan, wanda shi ne ainihin abin da tambayar take nema. Labarin rashin lafiyar ɗan'uwa yakan lalace ne idan ya tsaya a kan baƙin ciki, har mai karatu ya ji tausayi amma bai ga ɗalibar likitanci ba. Alamar da za ki gane hakan ita ce ki ƙirga jimlolin: idan waɗanda suke magana a kan ciwon sun fi waɗanda suke magana a kan abin da kika fahimta yawa, sai an rage.

Kafin ki rufe wannan akwati, ki bar haruffa ɗari biyu ko uku ga tambayar da ba a rubuta ba amma kowa yake yi a zuci: me ya sa likita, ba nas ko mai harhaɗa magunguna ba? Ki amsa ta da abin da ya keɓanta ga aikin likita, kamar tattara alamomi a gano cuta, da ɗaukar nauyin yanke shawara a lokacin da bayanai ba su cika ba. Kada ki kuskura ki ɗaga likita ta hanyar ƙasƙantar da nas, da cewa kina son "fiye da" aikinta. A wurin ganawa sau da yawa akwai nas ko wani ma'aikacin lafiya ko ma marar lafiya cikin masu ba da maki, kuma a can aiki tare ake ɗauka da muhimmanci ƙwarai.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ɗalibai suke ɓarnatarwa da maimaita abin da ke cikin fom: na karanta ilimin halittu da kimiyyar sinadarai, na ci maki kaza. Duk wanda ya nemi likitanci ya karanta su, kuma yawancin jami'o'in suna neman sakamakon da bai gaza A uku ba, don haka wannan bai raba ki da kowa ba. Abin da ake so shi ne ki ɗauki darasi ɗaya ki nuna inda kika bi shi bayan an tashi daga aji. A misalinmu zaren yana nan a hannu. A darasin furotin an koya miki cewa aikinsa ya dogara da siffarsa, kuma zafi yana ɓata siffar. Insulin furotin ne, shi ya sa ba a haɗiye shi kamar ƙwaya, domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, kuma shi ya sa ake son a adana wanda ba a buɗe ba a sanyin digiri 2 zuwa 8. To, a gidan da wuta take ɗaukewa, a watan Afrilu, ina ake ajiye shi? Mutane da yawa a ƙasashe masu zafi suna amfani da randa ko tulu, saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana ɗauke zafi idan yana bushewa. Ɗalibar da ta sayi ma'aunin zafi, ta yi mako biyu a rani da mako biyu a damina tana auna cikin randa da cikin ɗaki sau uku a rana, ta ga cewa bambancin ya fi girma a lokacin rani fiye da damina saboda laimar iska tana rage bushewar, sannan ta yarda cewa awonta bai nuna ko maganin yana da sauran ƙarfi ba, ta nuna abu uku a sakin layi ɗaya: ta fahimci darasin, ta iya tsara gwaji, kuma ta san iyakar abin da gwajinta ya tabbatar. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge malamin jami'a.

Idan ba ki yi irin wannan ba, kada ki rubuta kin yi. Ki duba abin da kika yi da gaske, ko aikin ɗakin gwaji da ya ƙi fitowa daidai har sai da kika gano inda kuskuren yake, ko darasin gado da ya sa kika fahimci dalilin da ya sa ma'aurata masu AS biyu suke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifar mai sikila a kowane ciki, ba ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba kamar yadda ake yawan faɗa. Idan kuma akwai sauran watanni kafin ki miƙa, babu abin da ya hana ki yi gwajin yanzu. Littafi ko maƙala kuwa, ɗaya ta isa, kuma sai idan za ki iya faɗin abin da kika ɗauka daga ciki ko inda ba ki gamsu ba.

Tambaya ta uku ita ce gidan makonni ukunki na asibiti, kuma a nan nake son ki fi daɗewa. Kafin ki rubuta komai, ki zauna da takarda ki tuno ranakun ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta duk wani lokaci da wani abu ya ba ki mamaki, ko ya dame ki, ko ya saɓa wa zatonki. Daga ciki ki zaɓi biyu. A ce ranar rigakafi ce, an sa ki kina auna nauyin jarirai kina cike kati. Wata uwa ta zo da yaro ɗan wata goma sha huɗu, ma'aikaciyar lafiya ta naɗa masa ma'aunin damtse, ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Katin ya nuna an tsallake allurai biyu. Ke a ranki kin riga kin yanke wa uwar hukuncin sakaci. Ma'aikaciyar kuwa ba ta ɗaga murya ba, ta ja ta gefe daga layi, ta tambaye ta su nawa ne a gida da wanda yake kawo cefane, sai ga shi maigidan ya yi wata huɗu ba ya gari, kuɗin mota zuwa asibitin ma rance ne. Aka rubuta mata takardar tura yaron inda ake kula da masu tamowa. Abin rubutawa a nan ba "na koyi muhimmancin tausayi" ba ne, wannan jimla ta gaji da yawo. Abin rubutawa shi ne kin kama kanki kina yanke hukunci kafin tambaya, kin ga cewa da an yi wa matar faɗa a gaban jama'a da wuya ta sake dawowa, kuma daga ranar kin sauya yadda kike tambayar iyaye idan kin ga gurbi a kati. Mai nema da ya iya nuna inda ya yi kuskuren fahimta ya gyara ya fi wanda bai taɓa kuskure ba a takardarsa kwarjini.

Al'amari na biyu ya kamata ya nuna kin ga wahalar aikin, domin ana son a tabbatar ba hoton farin kwat da abin sauraren ƙirji ne ya ja ki ba. Layin da ba ya ƙarewa, maganin da ya ƙare a kanti, ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki kuma dole ya yi wa na ƙarshe fara'ar da ya yi wa na farko, ko labarin da ba shi da daɗi da aka faɗa wa dangi. Ki faɗi abin da kika gani da yadda ma'aikatan suka ɗauke shi, ba tare da kin mayar da sakin layin kukan lalacewar asibitocin ƙasarki ba.

Akwai tarkuna biyu a wannan sashe da suka fi kama masu zuwa daga ƙasashenmu, kuma su ne irin abin da likitan gida zai hango nan take. Na farko shi ne alfahari da aikin da bai kamata a bar ki ki yi ba. A wasu ƙananan asibitoci, saboda ƙarancin hannu, akan bar ɗalibi ya yi allura ko ya ɗinke rauni, shi kuma ya rubuta da murna yana zaton ya ci maki. A idon mai karatu a Birtaniya wannan alama ce ta wanda bai san iyakar ƙwarewarsa ba, kuma sanin wannan iyaka yana cikin ginshiƙan tarbiyyar likita a can. Idan an taɓa miƙa miki sirinji kika ce ba a horar da ke ba, wannan ƙin ya fi allurar daraja a takarda. Na biyu shi ne sirrin marar lafiya. Kada ki sa suna, ko unguwa, ko wata siffa da za ta sa a gane mutum. "Wata uwa" ya wadatar. Kakarki ma, ki nemi izininta kafin ki sa ciwonta a takardar da baƙi za su karanta.

Sauran haruffan wannan akwati ki ba wa abu ɗaya da ba na asibiti ba. Idan kina tsare wa mahaifinki shago ranar Asabar, kina riƙe littafin bashi, kina lallashin mai sayen da ya zo a fusace, wannan riƙon amana ne da iya magana da mutane. Idan kina koya wa ƙannenki ko yaran Islamiyya karatu, wannan iya sauƙaƙa bayani ne. Yaran da ba su da mai nuna musu sukan ɓoye irin waɗannan suna ganin ba su kai a faɗa ba, alhali alhakin da mutum ya ɗauka shekara biyu a jere ya fi taron kwana ɗaya da aka ba shi takardar shaida nauyi. Jin Hausa da Turanci ma abin faɗa ne idan kin taɓa yin tafinta tsakanin ma'aikaci da marar lafiya, musamman idan kin lura da wuyar fassara kalma kamar "hawan jini" ga wanda yake ɗaukarsa ciwon ɓacin rai ne da zai wuce idan hankali ya kwanta.

Batun cewa ke ce ta farko a gidanku, amsata ita ce ki faɗa idan yana bayyana wani abu da kika yi, a cikin rabin jimla, kuma kada ya zama buɗin takardar ko jigonta. "Da yake ba ni da wanda na sani a fannin, na rubuta wa shugabar asibitin unguwarmu wasiƙa, na koma sau uku kafin a ba ni dama" jimla ce mai aiki, domin rashin ya zama shimfiɗar da naci ya fito a kanta. "Duk da ban fito daga gidan likitoci ba" kuwa neman afuwa ne a kan abin da ba laifi ba, kuma babu wanda ya tambaya. Idan akwai wani yanayi na gida da ya shafi karatunki da gaske, kamar jinyar da ta sa kika rasa makonni a makaranta, wurinsa shi ne takardar shaidar da malaminki zai rubuta, wadda take da sashe na musamman domin irin wannan. Ki zauna da malamin ki gaya masa, kada ki ɗauka ya sani. Ta haka bayanin ya isa inda ake so, daga bakin da ya fi naki nauyi a kan batun, kuma bai ci miki haruffa ba.

Sai maganar harshe. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka ɗalibanmu sukan ɓuya a bayan "mun yi" da "an yi", har mai karatu ya kasa gane wane ne ya yi me. Maganin wannan ba shi ne ki fara kiran kanki mai hazaƙa da tausayi ba. Ki faɗi aikin da "na", ki bar siffar ga mai karatu: "na riƙe littafin awon wata takwas" ba yabon kai ba ne, rahoto ne. A ɗaya gefen kuma akwai Turancin gasar muhawara, mai manyan kalmomi da karin maganar wani mashahuri a farko. Ki bar shi. Babu gaisuwa, babu godiya ga hukumar jami'a, babu roƙo a ƙarshe, domin ba wasiƙa ba ce. Kuma kada ki ari jimla daga samfurin intanet ko takardar wata da ta samu gurbi bara, ko ki biya wani ya rubuta miki. UCAS tana bi da kowace takarda ta manhajar da ke kwatanta ta da waɗanda aka taɓa miƙawa, kuma tana sanar da jami'o'in idan kamannin ya yi yawa.

Gurbin likitan gida kuwa, mutum uku za su iya cike shi, kowanne da tambaya ɗaya tak. Malamin ilimin halittu ko na sinadarai ya duba ko akwai kuskuren kimiyya. Ma'aikaciyar da kika yi aiki a ƙarƙashinta, nas ce ko jami'ar lafiya, ki karanta mata sashe na uku ki tambaye ta ko haka abin ya faru kuma ko kin ƙara gishiri, domin ita ta fi wani babban likitan da bai san ki ba iya gane hakan. Na uku wanda Turancinsa ya nuna, ya duba nahawu kawai, ba ya sake miki jimloli ba. Kada ki wuce waɗannan, saboda takardar da ta bi ta hannu bakwai takan fito sumul amma babu muryar kowa a ciki. Akwai kuma gwajin da za ki yi da mahaifiyarki ko da ba ta jin Turanci: ki fassara mata takardar da baki, sakin layi bayan sakin layi. Duk inda kika kasa mayar da jimla Hausa mai ma'ana, to da ma babu komai a cikinta sai ƙarar kalmomi.

Ranar rufe karɓar takardun likitanci ita ce 15 ga Oktoba, da ƙarfe shida na yamma agogon Birtaniya, wato watanni kafin ta yawancin sauran fannoni, kuma fom ɗin ba ya tafiya sai takardar malaminki ta shiga, don haka makarantarku za ta iya sa nata wa'adin kafin wannan. Jarrabawar UCAT kuma tsakanin Yuli da Satumba ake yin ta, daidai lokacin da ya kamata a ce kina rubutu. Ki yi rubutun farko kafin ki nutse cikin shirin jarrabawar, ki bar shi ya kai haruffa 6,000 ba tare da damuwa ba, ki ajiye shi mako biyu, sannan ki dawo ki yanke. Ki fara da tambaya ta uku, domin ta fi sauƙin farawa kuma daga cikinta dalilin tambaya ta farko yakan fito. Ki yi rubutun a wani wuri dabam sannan ki kwafa cikin akwatunan kwanaki kafin wa'adi, saboda ƙidayar haruffan fom ɗin ita ce abin dogaro, kuma takan ɗan saɓa da ta kwamfutarki. Bayan kin miƙa ba a gyarawa, don haka ki buga kwafi ki ajiye, ki ja layi a ƙarƙashin kowane al'amari da kika ambata, ki rubuta ƙarin bayaninsa a gefe tun kina tune da shi, domin ganawar takan zo ne tsakanin Disamba da Maris, lokacin da ranar rigakafin nan ta riga ta yi nisa.